CTC: Koya wa Kwamfuta Rubuta Magana

In ka ce "sannu" cikin daƙiƙa guda, kwamfuta kan yayyanka sautin zuwa gutsattsari wajen 100, alhali haruffan biyar ne kacal. Wane gutsure ne na "s", wane ne na "a"? A da, sai an daidaita kowane gutsure da sautinsa kafin a fara koyar da na'ura, aiki mai cin rai.

A 2006 Alex Graves da abokan aikinsa suka fito da dabarar CTC. Muryar da rubutunta kawai ake bai wa na'ura. A kowane gutsure takan hasashi harafi, ko wata alama ta "babu komai", mu rubuta ta -. Daga nan sai a haɗe haruffan da suka maimaitu a jere, sannan a share alamar. Don haka ss-aa-n-nn-u ya koma "sannu". Da babu alamar tsakanin n da n, "sanu" za a samu, kuma nan ne dabarar ta fi burge ni.

Jeri iri-iri na iya haifar da "sannu". CTC ba ta zaɓen ɗaya: tana tara yiwuwarsu duka. In jimillar ta yi ƙasa, tarar kuskuren ta yi yawa, sai na'ura ta gyara lissafinta.

Rauninta shi ne kowane hasashi zaman kansa yake, ba ya duba harafin da aka fitar kafinsa. Shi ya sa takan rubuta abin da ya yi kama da sautin amma ba kalma ba ne, sai an haɗa ta da manhajar da ta san tsarin harshen.