Rabon Dutin Dare: Adalcin Yana Cikin Ƙirga

A ɗakin marasa lafiya na kowane babban asibiti akwai takardar da ma'aikatan jinya ke dubawa kafin komai idan wata ya kama, wato jadawalin aiki da ake liƙawa a bango. Ido kan fara faɗawa ne kan dutin dare, domin shi ne mai cin jiki. Tun a 2007 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa aikin da ke hargitsa barcin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2019. Shi ya sa jibga wa mutum ɗaya dararen ba ƙaramin zalunci ba ne.

A ɗauki ɗaki mai nas 12, inda ake buƙatar mutum biyu kowane dare. A kwana 28, gurabun dare 56 ke nan. Shugabar ɗaki ba ta kwana, akwai kuma mai tsohon ciki da aka ɗauke mata, saura mutum 10. Idan aka raba daidai, mutum shida za su yi dare 6 kowanne, huɗu su yi 5. Wata mai zuwa sai huɗu daga cikin masu 6 su koma 5, biyun da suka rage a sauƙaƙa musu a watan da ke biye. Wannan ba ya yiwuwa sai da littafin da ke riƙe da lissafin kowa daga wata zuwa wata.

Adadi kaɗai bai wadatar ba. Dare 6 a jere ya fi gajiyarwa fiye da uku yanzu, uku bayan mako biyu, kuma kuskuren ba da magani ya fi aukuwa idan gajiya ta taru. Masana barci sun fi son juyi ya tafi gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, sannan a bar mutum ya samu cikakken barcin dare biyu kafin ya koma dutin safe. Daren Asabar da na jajibirin Sallah kuwa lissafinsu daban ya kamata a yi, don nauyinsu ba ɗaya ba ne da na daren Talata.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne musaya. Babba ta roƙi sabuwar ma'aikaciya ta riƙe mata dare, yarinyar ta ji nauyin cewa a'a, ba a kuma rubuta ba. A bango kowa na da 5 ko 6, amma ita ta kwana 9. Shugabar da ke son gano gaskiya sai ta ƙirga daga rajistar sa hannu, ta gwada da jadawalin, ta kuma hana duk musayar da ba ta sa wa hannu ba.