Akwai riba, amma babu kuɗin sari: yaya hakan ke faruwa?

A ofishinmu muna yawan jin wannan kuka daga masu ƙananan sana'o'i a nan sansani: kaya na fita, lissafi ya nuna riba, amma ranar sari babu kuɗi a hannu. Sau da yawa ba asara aka yi ba. Lissafi biyu ne daban aka ɗauka ɗaya.

Lissafin riba yana duba abin da aka kashe wa kaya da abin da aka sayar da su, ko an biya ko ba a biya ba. Lissafin shiga da fitar kuɗi kuwa tambayarsa ita ce: a rana kaza, nawa zai kasance a hannuna?

Mu yi misali da mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, jarinta sefa 30,000. Kowane mako gyaɗa da niƙa da itace suna cin 20,000, kuma nan take ake biya. Tana sayar da kayan 26,000, ribar mako 6,000 ke nan. Sai dai rabin cinikin bashi ne, maƙwabta sun ce sai ranar rabon tallafi a ƙarshen wata. Ashe 13,000 kawai ke shigowa.

A makon farko ta fitar da 20,000 ta karɓi 13,000, ya rage mata 23,000. A mako na biyu haka aka sake yi, saura 16,000. Da mako na uku ya kama, tana buƙatar 20,000 na sari, ga shi 4,000 sun gaza. A takarda ta ci ribar 12,000, kuma gaskiya ne, amma kuɗinta har 26,000 suna hannun mutane. Mai gyaɗa ba ya karɓar sunayen masu bashi. Kuma fa ba mu sa kuɗin cefane ko zubin adashe ba, waɗanda ba sa cikin lissafin riba amma daga gwangwani ɗaya ake ɗiba.

Da ta tsayar da bashin da take bayarwa a 6,000 a mako, daidai ribarta, da 20,000 za su riƙa dawowa, jarin bai taɓu ba. Mun san hana maƙwabciya bashi yana da nauyi, balle a nan da kowa ya san halin kowa. Amma ana iya cewa a kawo rabi yanzu.

Kafin ku fara sana'a, ku ja layi huɗu a takarda, kowane mako da layinsa. Ku rubuta abin da kuka shiga makon da shi, abin da zai shigo hannu da gaske, abin da zai fita, da abin da ya rage. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗan makaranta. Kuɗin bashi a rubuta shi a makon da za a biya, ba makon da aka ɗauki kaya ba. Tunda rabo yakan yi jinkiri, mu muna ba da shawarar a ƙara masa mako guda, a ga ko jarin zai kai.