Yadda ake ɗaure katakon rumfar mota da bolti da babbar washa

Idan guguwar farkon damina ta yaye rumfar mota, da wuya a tarar ƙarfen da ya ɗaure ta ne ya karye. Galibi katako ne ke tsagewa a wurin huda, ko kuma noti ya nutse cikinsa har haɗin ya saki. Saboda haka ƙarfin haɗin ginshiƙi da katakon da ke gicciye a kansa ya dogara ne kan faɗin washa da kuma inda aka yi hudar.

Boltin da ya dace da wannan aiki shi ne mai kai kamar ƙoƙo, wanda wuyansa ke da kusurwa huɗu. Idan aka buga shi da guduma, wuyan kan shige cikin katako ya hana shi juyawa, sai a ɗaure noti ta ɗaya ɓangaren da sifana guda. Ya fi ƙusa a nan, domin iska ɗaga rufin kwano take yi sama, ƙusa kuwa takan zare a hankali, alhali bolti ya ratsa katakon biyu ya riƙe su gaba da baya.

A ɗauki misalin ginshiƙi mai inci 4 a kowane gefe, wato milimita 100, da katakon gicciye mai kaurin milimita 50 da faɗin 150. Kada a rataya nauyin rufin kan bolti kaɗai. A yanke gurbi mai zurfin milimita 25 a jikin ginshiƙin, katakon gicciye ya zauna ciki. Kafaɗar gurbin ce za ta ɗauki nauyi, bolti kuma ya hana iska ɗaga rufin. Kaurin da bolti zai ratsa ya zama 75 da 50, wato 125, don haka mai tsawon milimita 150 da kaurin 12 ya isa, har da wurin washa da noti. A auna katakon tukuna, domin na kasuwa yakan gaza awon da ake kiransa da shi.

Bolti biyu ake sawa, ɗaya sama da ɗaya. Na ƙasa ya yi nisan milimita 50 daga gefen ƙasa na katakon gicciye, na sama kuma ya ɗara shi da 60. Wurin da kafintoci da yawa ke kuskure shi ne kan ginshiƙin. Ana son nisan da ke tsakanin boltin sama da ƙarshen ginshiƙi ya kai ninki bakwai na kaurin boltin, wato milimita 84. Idan aka yanke ginshiƙin daidai da saman katakon gicciye, milimita 40 kacal za su rage, kuma nan ne iska ke tsaga shi. A bar kansa ya zarce da kamar milimita 50. Ita kuwa hudar, kada ta wuce milimita 13, kuma a yi ta lokaci guda bayan an matse katakon biyu tare.

Washar da aka saba sayarwa da irin wannan bolti faɗinta milimita 24 ne, kuma don ƙarfe aka yi ta. Katako yana buƙatar wadda ta kai aƙalla ninki uku na kaurin boltin. Mai kusurwa huɗu, milimita 50 a kowane gefe da kaurin 4, tana baza matsin noti kan fili da ya ninka na ƙaramar kusan sau bakwai. A ɗaure har washar ta kwanta sosai, sannan a tsaya. Idan ta fara lotsa katakon, an wuce gona da iri. In katakon mai laushi ne, a sa wata mai huda mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin kan boltin ma. A kuma nemi bolti da washa masu rufin tutiya, musamman idan an jiƙa katakon da maganin gara mai jan ƙarfe, domin yana gaggauta tsatsa.

Aikin bai ƙare ranar da kafinta ya karɓi kuɗinsa ba. Sabon katako yana tsukewa idan ya sha iskar hunturu, haɗin da ya matse a watan Agusta sai ya saki a Fabrairu. Kafin ruwan farko a bi kowane noti da sifana. Idan washa na juyawa da yatsa, ɗauri kawai take buƙata. Idan kan boltin yana juyawa tare da noti, wuyansa ya cinye gurbinsa, sai a musanya shi da mai kai irin na noti, a sa babbar washa a kowane ɓangare. Amma idan tsaga ta taso daga huda ta nufi kan ginshiƙi, ƙarin ɗauri buɗe ta zai yi. A tokare rufin, a sauya ginshiƙin.