Motar wasa da lambar nan ta 3 da ke jikin kwali

Idan Sallah ta matso, wayoyi kan cika da tallan kayan wasan yara. Hoto uku, bidiyo guda, sai 'yan kalmomi a ƙasa: "Mota mai fitila da kiɗa, roba ce mai kyau, ta dace da kowane yaro, ba ta da illa." Mai tallar ba da niyyar yaudara ta rubuta ba. Ta saro kayanta a Sabon Gari, ta ga motar ta burge ta, ta rubuta abin da ya zo bakinta. Amma cikin maganganun nan huɗu, ɗaya ce kawai ta gani da idonta, wato fitila da kiɗan. Sauran ukun fata ne kawai.

Mu ɗauki motar mu juya kwalinta. A wani lungu akwai jan da'ira da aka ja wa layi, a ciki fuskar jariri mai ɓacin rai da lamba 0-3. Da yawa daga iyaye suna karanta wannan alama a matsayin ma'aunin wayo, shi ya sa za ka ji uwa ta ce, "Ai nawa shekararsa biyu amma ya fi ɗan shekara huɗu wayo." Alamar ba ruwanta da wayo. Maganar maƙogwaro take yi. Yaron da bai kai shekara 3 ba, duk abin da hannunsa ya kai, baki zai kai shi. Hanyar numfashinsa ƙanƙanuwa ce, tarinsa kuma ba shi da ƙarfin da zai turo abin da ya maƙale. Wayo ba ya faɗaɗa maƙoshi.

Masu gwajin kayan wasa suna da wani ɗan bututu da aka ƙera daidai da maƙogwaron ƙaramin yaro. Faɗin bakinsa milimita 31.7, zurfinsa kuma a karkace yake, daga milimita 25.4 a gefe guda zuwa 57.1 a ɗaya gefen. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ƙanƙanin abu ne mai iya shaƙe yaro. Da wannan ma'auni ake aiki a dokar Amurka, da ƙa'idar Turai mai suna EN 71, da ta duniya ISO 8124. Abin lura shi ne ba motar a cike kaɗai ake aunawa ba. Sai an jefar da ita ƙasa, an ja, an murɗa, sannan a auna duk abin da ya ɓalle. Motarmu tsawonta santimita 14 ne, ba bakin da zai haɗiye ta. Amma na sa farce na ɓamɓari tayar baya, ta fito ba gardama, ga ta ba ta fi kwalbati girma ba. Wannan tayar ita ce dalilin lambar 3.

Mai sayarwa ba sai ta mallaki bututun ba. Kwalin tsakiyar takardar banɗaki ya ɗan fi shi faɗi, don haka gwaji da shi ya fi tsauri: abin da ya kasa shiga cikinsa ba zai shiga bututun ba, abin da ya zurma kuwa, a ɗauke shi a matsayin haɗari.

Sai maganar "roba mai kyau". Hausa ta yi mana rowa a nan, don bokiti roba ne, silifa roba ce, tayar mota ma roba ce, alhali ba abu ɗaya ba ne. Gangar jikin irin wannan mota galibi daga roba mai tauri ake yin ta, wadda ake rubuta wa ABS ko PP. Tayoyi masu laushi kuwa sau da yawa PVC ne, kuma ana tausasa shi ne da wasu sinadarai da ƙasashe da dama suka taƙaita a kayan yara zuwa kashi 0.1 cikin ɗari. Idan kwalin ya faɗi irin robar, a kwafa yadda yake. Idan bai faɗa ba, a rubuta abin da hannu ya taɓa: jiki mai tauri, taya mai laushi, gatari na ƙarfe, fenti ja. A ƙara da cewa kamfanin bai bayyana nau'in robar ba. Na san wannan jimla ba ta da daɗin talla, amma ita ce gaskiyar abin da ke hannu.

Fentin shi ne ya sa nake ƙyamar kalmar "ba ta da illa". Gubar dalma ba ta da wari, ido ba ya ganinta, sai ɗakin gwaji. A 2007 kamfanin Mattel, wanda yake cikin manyan masu kayan wasa na duniya, sai da ya janye kaya masu ɗimbin yawa daga kasuwa saboda dalma a fenti; a shekarar da ta biyo baya Amurka ta yi dokar da ta sauko da iyakar dalma a fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan. Mu kuwa ba baƙon labari ba ne a wurinmu, tun abin da dalmar ma'adinin zinare ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. To idan katafaren kamfani bai gane da ido ba, wadda ta saro dozin biyu da wane ido za ta rantse? Ko alamar CE da ake gani a kwali, iƙirarin mai ƙerawa ne cewa ya bi ƙa'idar Turai, kuma buga ta ba wuya. Ana iya cewa akwai alamar a jiki. Cewa "an gwada" kuwa sai da takarda a hannu, irin shaidar SONCAP da hukumar SON ke nema kan kayan wasan da ake shigowa da su Najeriya.

Abin da tallar ba ta ambata ba sam shi ya fi komai haɗari: batir. Na kifa motar, ga ƙananan batura uku masu kama da maɓallin riga, LR44, kowanne faɗinsa milimita 11.6. Wasu kayan kan zo da babban, CR2032, mai milimita 20, wanda ya fi muni. Idan irinsa ya maƙale a hanyar abinci, miyau yana haɗa wutar, sai a samu sinadari irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, ya fara cin nama cikin kamar awa biyu. Yaron na iya ci gaba da numfashi lafiya, sai dai dalalar miyau ko ƙin abinci, iyaye su ɗauka mura ce. Ba abin jira ba ne a ga ko zai fito a bayan gida. Asibiti ake nufa nan take. Saboda haka tambayar farko kan duk abin wasa mai fitila ita ce: murfin batirin da sukuru aka ɗaure shi, ko da farce yake buɗewa? Na motarmu da sukuru guda yake. Wannan ya cancanci shiga talla fiye da yawan waƙoƙin da take yi.

Ga yadda tallar ta koma bayan an juya motar ciki da bai: "Motar wasa mai fitila da kiɗa, tsawo santimita 14. Don yara daga shekara 3 zuwa sama. Kada a bai wa wanda bai kai ba, tayoyinta na iya cirewa su shaƙe yaro. Jiki roba mai tauri, taya roba mai laushi, gatari ƙarfe. Kamfanin bai bayyana nau'in robar da fentin ba. Tana aiki da batir LR44 guda uku, suna ciki, murfinsu da sukuru. A yar da ledar da ta zo a ciki kafin a miƙa wa yaro."

Da ta ɗora wannan, wata ta aiko da saƙo: "Hajiya, na babban zan saya, shekararsa biyar, amma ƙanwarsa tana rarrafe." Nan ne iyakar abin da lambar kwali za ta iya, don kwali bai san tabarma ɗaya yaran suke zama ba. Mai tallar ta amsa: "To Maman yara, ko dai ki riƙa ɗauke ta sama idan ya gama, ko ki ɗauki babbar tipar nan, ba batir, tayoyinta a haɗe suke da jiki. Na ja da ƙarfina, ba su fita ba."