Jemagun Silin: Yadda Ake Fitar da Su ba tare da Kisa ba

Zarni ne yake fara tona asirinsu. Sai a ga tabo mai ruwan ƙasa a jikin silin, ana kuma jin tsuwa da motsi a sama idan rana ta take. Mutanen gida sukan ɗora wa ɓera laifi, amma kashin da ke zubowa ta tsagar silin yana raba gardama. Na ɓera ƙanƙare yake. Na jemage kuwa, da an latsa shi da tsinke sai ya marmashe, a ga ɓurɓushin fukafukan ƙwari yana ƙyalli.

Waɗannan jemagu ba su ne manyan nan masu rataya a bishiya suna shan 'ya'yan itace ba. Ƙanana ne, jikinsu bai wuce tsawon yatsa ba, jelarsu siririya, abincinsu kuma ƙwari ne: asu, buzuzu da sauro. Suna son ɗumin da ke tsakanin kwano da silin, musamman mata masu goyo. Ba sa cin katako, ba sa gwaguyar waya. Kafar da magini ya bari suke bi, ko da faɗinta bai kai santimita 2 ba.

Hatsarin da ya fi kusa da mai gida yana cikin kashin da ya daɗe yana taruwa. Wani nau'in naman gwari yana iya yaɗuwa a cikinsa, kuma wanda ya shaƙi ƙurar yana iya kamuwa da histofilasmosis, cutar huhu mai tari da zazzaɓi wadda takan yi kama da tarin fuka. Ta fi tsanani ga mai raunin garkuwar jiki, don haka bai kamata irinsa ya hau silin ba. Sai kuma cizo. Jemagun Afirka suna ɗauke da dangin cutar haukan kare. An gano ɗaya daga ciki a Legas a 1956. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi hujin allura ba. A 2018 kuma masu bincike a Saliyo sun ba da labarin ƙwayar Bombali, 'yar uwar Ebola, a jikin jemagun da ke kwana cikin gidaje. Ba a tabbatar tana sa mutum ciwo ba, amma ta isa ta hana kowa kama jemage da hannu tsirara.

Abin takaici, dabarun da aka fi yi su ne mafi muni. Hayaƙi na iya tayar da gobara. Feshin guba yana barin mushe a inda hannu ba ya kaiwa, waɗanda suka jigata kuma su faɗo tsakar ɗaki inda yara za su tsince su. Toshe rami da rana ya fi duka rashin imani, domin a lokacin kowannensu yana ciki.

A ɗauki gidan kwano da jemagu suka cika. Aikin yana farawa da kallo: ana gab da magariba mutum biyu su tsaya a kusurwoyin gidan, su ga inda suke fitowa. Yawanci tsakanin bango da katakon bakin rufi ne, kuma wurin yakan yi baƙin maiƙo. A ce an ga kafa huɗu, ɗaya ta fi cunkoso. Kafinta zai toshe duk wata tsagar da ba sa bi da siminti ko ragar ƙarfe. A kan kafofin nan huɗu kuwa sai ya kafa ragar sauro ta taga, ya buga ta da ƙusa daga sama da gefe biyu, ya bar ta ta sauko kimanin santimita 50 ƙasa da ramin, gindinta a buɗe. Jemage zai rarrafo ya sulale ta ƙasa, idan ya dawo da asuba ya nufi ramin sai ya tarar da raga. Bayan mako guda, idan an tsaya da magariba ba a ga mai fitowa ba, a cire ragar a toshe kafofin.

Lokaci yana iya ɓata aikin gaba ɗaya. Haihuwarsu takan zo da damina, lokacin yalwar ƙwari, kuma jariran sukan yi makonni ba sa tashi. Idan an hana iyaye shiga, 'ya'yan za su mutu da yunwa a cikin silin. Wanda ya haska tocila ya ga ƙanana marasa gashi manne da katako, ya dakata har su yi fiffike.

Kwashe kashin shi ne na ƙarshe. A yayyafa masa ruwa ya jiƙe don kada ƙura ta tashi, mai aikin ya sa takunkumin N95 da safar hannu, ya kwashe da shebur cikin leda mai kauri maimakon shara da tsintsiya. Allon silin da fitsari ya ruɓar da shi kuwa sai an sauya shi, in ba haka ba zarnin zai dawo duk ranar da kwano ya ɗau zafi.