Kafin karɓar aiki: Abubuwa uku da ya kamata a auna bayan albashi

Idan matashi ya kammala hidimar ƙasa aka miƙa masa takardar ɗaukar aiki, wurin da idonsa kan fara sauka shi ne layin albashi. Babu laifi a cikin hakan, musamman a wannan lokaci na tsadar rayuwa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 70,000 tun daga shekarar 2024. Sai dai albashi yana nuna abin da mutum zai samu a ƙarshen wata ne kawai. Ba ya nuna matsayin da zai taka bayan shekara huɗu ko biyar. Wannan ya dogara ne da abin da aikin ke koyarwa, da mutanen da zai haɗa shi da su, da kuma inda hanyar take ɓullewa.

Domin a ga yadda ake yin wannan awo, bari mu ɗauki misalin wani matashi da ya karanta aikin injiniyan gine-gine, kuma ayyuka biyu suka zo masa lokaci guda. Na farko a wani kamfanin sayar da kayan gini ne a Abuja, inda zai kula da sito da shige da ficen kaya a kan naira 250,000 a wata. Na biyu kuma a wani kamfanin da ke shimfiɗa titi ne a wajen gari, a kan naira 160,000, tare da masauki da motar kai ma'aikata bakin aiki.

A kan takarda, tazarar naira 90,000 ce. Amma idan zai zauna a Mararaba ko Nyanya, a ce yana kashe naira 2,500 kullum a kuɗin mota, cikin kwanakin aiki 22 ya kashe naira 55,000. Saura naira 35,000 ke nan, kuma ba a cire kuɗin haya ba tukuna. Haka kuma ya kamata ya tambayi kowane kamfani ko yana zuba kuɗin fansho, domin Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi cewa mai ɗaukar aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Da wannan lissafi kaɗai, gibin da ya yi kama da babba ya riga ya tsuke.

Abu na farko da zai auna bayan kuɗi shi ne abin da zai koya. A sito, cikin wata uku zai ƙware a ƙirga buhunan siminti da rodi da rubuta rasit, daga nan kuma sai maimaici. A bakin aikin titi kuwa, zai koyi karanta zanen aiki, da ɗaukar ma'aunin tudu da gangare, da gwada ko ƙasar da aka daddaɓe ta matsu yadda ake buƙata kafin a zuba kwalta. Zai ga yadda ake ɗibar samfurin kankare a fasa shi da na'ura bayan kwana 7 da kwana 28 domin a tabbatar da ƙarfinsa. Waɗannan abubuwa ne da zai iya ɗauka ya tafi da su ko'ina.

Wannan bambanci yana da tasiri a hukumance. Hukumar Kula da Aikin Injiniya ta Najeriya, wato COREN, wadda aka kafa a 1970, ba ta yi wa mai digiri rajista a matsayin cikakken injiniya sai ya nuna ƙwarewar aƙalla shekara huɗu a aikin injiniya bayan kammala karatu. Ana son ya bayyana ayyukan da ya sa hannu a ciki da rawar da ya taka. Wanda ya shafe shekara huɗu yana ƙirga kaya zai tarar ba shi da abin da zai rubuta, ko da an lanƙaya wa muƙaminsa sunan injiniya. Saboda haka kada sunan muƙami ya ruɗe shi. Tambayar da ta dace a wajen ganawa ita ce: me zan riƙa yi daga safe zuwa yamma a watanni shida na farko?

Abu na biyu shi ne mutane. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya bincika wa zai zama shugabansa na kai tsaye, ko injiniya ne mai rajista, kuma ko yana zuwa bakin aiki ko sunansa kawai ake amfani da shi a takardun neman kwangila. Wannan mutum ne zai gyara masa kurakuransa, shi ne kuma zai iya ba da shaida a kansa ranar da zai nemi rajista ko wani aiki. Ban da shi, aikin titi kan haɗa mutum da injiniyoyin ma'aikatar ayyuka, da masu sa ido a madadin mai aikin, da masu safiyo, da ƙananan 'yan kwangila. Waɗannan sun ga aikinsa da idonsu, kuma sau da yawa daga bakin irinsu labarin gurbi na gaba kan fito tun kafin a tallata shi.

Abu na uku shi ne makoma, kuma hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce duba waɗanda suka riga shi. Ya tambayi inda mutanen da suka riƙe wannan kujera a baya suke yanzu. Idan wasu sun zama shugabannin bakin aiki, wasu sun koma manyan kamfanoni ko sun kafa nasu, hanyar a buɗe take. Idan kuwa wanda zai gada ya yi shekara takwas a matsayi ɗaya, ko kuma mutum huɗu sun bar wurin cikin shekara guda, to Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai dai wannan ma'auni yana da iyaka. Wasu masu ɗaukar aiki kan fake da cewa za a koyi aiki domin su biya abin da bai taka kara ya karya ba, alhali aike da jiran ofis kawai ake sa mutum. Alamun haka su ne rashin takamaiman wanda zai koyar, da kauce wa tambaya kan ayyukan da kamfanin ke yi a halin yanzu, da ƙin rubuta sharuɗɗa, duk da cewa Dokar Ƙwadago ta wajabta bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Kamfanonin kwangila kuma kan yi jinkirin albashi idan ba a biya su kuɗin aiki ba, don haka yana da kyau ya tambayi direbobi da leburori ko ana biyan su a kan kari.

Akwai kuma halin da mutum yake ciki. Idan naira 160,000 ba za ta ciyar da shi da waɗanda ke wuyansa ba, karɓar aikin sito ba gazawa ba ce. Abin da ya kamata shi ne ya sa wa kansa wa'adi, kamar shekara ɗaya, ya ci gaba da halartar tarurrukan reshen Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya da ke kusa da shi, yana neman hanyar komawa fagensa. Idan kuwa kuɗin za su riƙe shi, kuma ya tabbatar akwai injiniya mai rajista da zai zauna a ƙarƙashinsa, to naira 35,000 da ya bari duk wata ita ce kuɗin makarantar da za ta kai shi ga hatimin kansa.