Daga Jariri Ɗaya Cikin 50 Zuwa Mutum Ɗaya Cikin Huɗu

Ana kiyasta cewa a Najeriya, cikin jarirai 100 da ake haihuwa, kusan biyu na zuwa da cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Waɗannan ba su ɓoyuwa: ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa, yawan ƙarin jini a asibiti. Masu wuyar ƙirgawa su ne masu AS, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar gadon cutar amma lafiyarsu lau. Ba tare da an gwada jinin kowa ba, ana iya kiyasta yawansu daga yawan marasa lafiyar, da wata ƙa'ida da mutum biyu suka fito da ita a 1908, kowa da kansa: G. H. Hardy, masanin lissafi a Ingila, da Wilhelm Weinberg, likita a Jamus.

Kowane mutum na gadon ƙwaya biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A ɗauki ƙwayoyin gadon al'umma gaba ɗaya kamar buhun da aka gauraya farin wake da ja: farin shi ne A, jan shi ne S, kowane jariri kuma yana ɗibar ƙwaya biyu ido rufe. Kason fari a buhun ana kiransa p, kason ja kuma q, biyun idan aka haɗa su ba da 1. Damar ɗauko ja sau biyu ita ce q sau q, wato q², yaron ya zama SS. Shi kuwa AS hanya biyu gare shi, ko S daga uba A daga uwa, ko akasin haka, shi ya sa kasonsa 2pq ne.

To, mu koma kan jariran. Biyu cikin 100 shi ne 0.02, shi ne q². Sai a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 0.02. Alamar √ a kalkuletan waya za ta nuna kusan 0.141. Ke nan ƙwaya 14 cikin 100 S ne, p kuma ya zama 0.859. A ninka 2 da 0.859 da 0.141, a samu kusan 0.24. Cikin jarirai 10,000, wannan na nufin 200 masu SS, kusan 2,430 masu AS, sauran kusan 7,370 masu AA. Mai sikila ɗaya, masu ɗauke da ƙwayar fiye da goma sha biyu. Gwajin jini da aka sha yi a Najeriya ma kusan abin da yake nunawa ke nan, mutum ɗaya cikin huɗu.

Amma lissafin na da sharuɗɗa, kuma babbansu shi ne aure ya zama kan mai uwa da wabi ta fuskar jini, wato babu abin da ke jan mai S zuwa ga mai S. Auren zumunci na karya wannan sharaɗi. Ɗan wa da 'yar ƙani kakanninsu ɗaya, don haka idan ɗaya ya gaji S, damar ɗayan ma ya gaje ta ta fi ta bare. Da q ɗin da muka samu, 'ya'yan irin wannan aure 10,000 za su ba da masu SS wajen 276 maimakon 200, alhali yawan S bai ƙaru ba. Wanda ya ɗauki 276 ya yi lissafin kai tsaye zai ce masu AS sun kusa kashi 28, gaskiyar kuwa kusan 23 ne.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙirga manya. Inda magani ya yi ƙaranci, yara masu SS da yawa ba sa kai shekara biyar. A ce an ƙirga manyan wani gari aka samu mai sikila ɗaya cikin 200: lissafi zai ba da masu AS kashi 13 kacal, a ɗauka garin da sauƙi, alhali waɗanda ya kamata a ƙirga sun rasu. Alƙaluman jarirai sabbin haihuwa ne kawai abin dogaro. Haka nan a arewacin Ghana, inda ƙwayar C ke da yawa, dole a ware masu SC daga masu SS kafin a taɓa kalkuleta, domin q² na masu S biyu ne kaɗai.

Adadin da aka samu na al'umma ne, yana taimaka wa hukumomin lafiya su san yawan kayan gwaji da masu ba da shawara da za su tanada. Saurayi da budurwar da ke shirin aure kuwa, kashi 24 bai gaya musu nasu jinin ba, sai sun je an gwada.